Wasiƙar Tayi Ga Editan Lafiya: Yadda Marubuci Mai Zaman Kansa Ke Samun Amincewa

Kafin maƙala kan lafiya ta kai gaban mai karatu, sau da yawa akwai wata gajeriyar wasiƙa da ta riga ta, wadda mai karatu ba zai taɓa gani ba. Marubuci mai zaman kansa, wato wanda ba ya cikin ma'aikatan jaridar ko mujallar, shi ke aika ta ta imel ga editan da ke kula da sashen lafiya. A ciki yake faɗin abin da yake so ya rubuta, da dalilin da ya sa yanzu ne lokacinsa, da yadda zai gudanar da aikin. Idan edita ya amince, sai a shiga rubutu. Idan bai amince ba, marubucin ya yi asarar yini ɗaya ko biyu ne kawai, maimakon makonnin da zai ɓata a kan cikakkiyar maƙalar da babu mai buƙata.

Matasa da yawa da ke da hannun rubutu, har da ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci da ke da abin faɗa, a wannan wasiƙar suke tuntuɓe. Suna aikawa, a yi shiru, sai su ɗauka sai da sanayya ake shiga. Sanayya tana taimakawa, babu musu, amma yawancin tayin da ke mutuwa a akwatin edita, rashin shiri ne ke kashe su. Kuma a fagen lafiya shirin ya fi na ko'ina nauyi.

Abin da ke zuciyar edita

Editan wasanni in ya buga kuskure, gobe ya gyara, a wuce wurin. Editan lafiya in ya buga cewa ganye kaza yana maye gurbin maganin hawan jini, wani magidanci zai iya ajiye ƙwayoyinsa a daren nan, kuma gyaran da za a buga mako mai zuwa ba lallai ya iske shi ba. Shi ya sa duk wasiƙar da ta shigo daga baƙo, edita yana karanta ta da tambayoyi biyu a ransa. Ta farko: shin wannan labari ne da masu karatuna ke buƙata, wanda ban riga na ba su ba? Ta biyu, wadda ta fi nauyi: shin zan iya miƙa wa wannan mutum amanar masu karatuna, in kwanta in yi barci?

Wasiƙar tayi ita ce tafin hatsin da mai sayarwa ke ɗebowa daga bakin buhu ya miƙa wa mai saye. In akwai tsakuwa a tafin, babu mai sauraron rantsuwar cewa ƙasan buhun tas yake. Adadi guda da aka rubuta ba daidai ba, ko sunan cuta da aka rikita da wata, ya isa edita ya rufe wasiƙar, domin ya san haka maƙalar za ta zo.

Daga babban fage zuwa tambaya guda

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce wata marubuciya ce mai zaman kanta a Gombe, ta taso cikin manoma, tana so ta rubuta kan saran maciji ga wata mujallar Hausa mai shafin lafiya.

Abin da zai fara zuwa mata shi ne ta ce wa edita, "Ina so in yi muku rubutu kan saran maciji a Arewa." Wannan fage ne kawai, labarin bai fito ba tukuna. Edita ba zai iya hango maƙalar ba: tarihin maganin ne, ko tsadarsa, ko ire-iren macizai, ko taimakon gaggawa? Kowanne daga cikinsu aiki ne mai zaman kansa. Don haka sai ta matse batun har ya koma tambaya ɗaya da mai karatu zai iya yi da bakinsa. Ga wadda ta dace: idan kububuwa ta sari mutum a gona, me ya kamata na kusa da shi su yi kafin a kai asibiti, kuma me ya sa ɗauri da tsaga, waɗanda kowa ya saba da su, suke ƙara ɓarna?

Wannan tambaya tana da kyau saboda abubuwa uku. Tana da mai ita, wato manomi da makiyayi da iyalansu. Tana da amsa da likitoci suka yi ittifaƙi a kai, ba ra'ayin marubuciya ba. Kuma amsar ta saɓa wa abin da jama'a ke yi, don haka akwai abin da mai karatu zai ƙaru da shi. Hanyar gane ko batu ya matsu ita ce a gwada faɗinsa a jimla ɗaya ga wanda bai san fagen ba. In ya ce "to, me ya sa?", an samu labari. In ya ce "Allah ya kyauta" ya ci gaba da harkarsa, da sauran aiki.

Aikin da ke gaban wasiƙa

Marubuciyar ba za ta buɗe imel ba sai ta yi aiki iri biyu.

Na farko shi ne sanin inda za ta aika. Za ta karanta shafin lafiyar mujallar na watanni shida zuwa shekara, tana lura da tsawon maƙalolinsu, da irin muryarsu, da ko suna buga na baƙi ma tukuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowace kafa da ƙa'idarta. The Conversation, alal misali, malaman jami'a da masu bincike kaɗai take karɓar rubutunsu, don haka ɗan jarida mai zaman kansa ko ya aika tayi mai kyau ba zai shiga ba. Wata kafar kuma tana da shafin ƙa'idojin marubuta inda ta faɗi adireshin da za a aika da abin da take so a haɗa. Wanda ya tsallake wannan shafi ya nuna wa edita cewa ba ya karanta umarni. Sannan za ta bincika ko sun taɓa buga wani abu kan saran maciji. In sun taɓa, ba a fasa ba, amma dole wasiƙar ta ambaci wancan, ta faɗi abin da sabon zai ƙara.

Na biyu shi ne ta fara binciken da kanta, gwargwadon da zai tabbatar mata labarin yana tsaye. A nan za ta tarar da abubuwan da za ta iya dogara da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara, kuma waɗanda yake bari da yankewar gaɓa ko wata nakasa ta dindindin sun kai kusan ninki uku na haka. A 2017 hukumar ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasar da rabi kafin 2030. A yankin dazuzzukan Arewacin Nijeriya, kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, ita ce kan gaba wajen ɓarna, kuma sara ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi, sa'ad da hannu da ƙafa ke cikin ciyawa. A Kaltungo da ke kudancin jihar Gombe akwai asibiti na musamman don masu saran maciji, kuma cibiyar lafiya ta Zamko a yankin Langtang na jihar Filato ta daɗe da suna a wannan aiki.

Za ta kuma fahimci yadda dafin ke aiki, domin shi ne ƙashin bayan labarinta. Dafin kububuwa yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Mutum zai iya zama kamar lafiya lau a sa'o'in farko, in ban da kumburi da zafi, daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ko cikin fitsari, ko ta tsohon miki, ko ya zuba a ciki inda ido ba ya gani. Saboda haka tsaga wurin da reza buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba ƙofa ne. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar taya kuwa yana hana jini isa ga naman, har ya kai ga ruɓewa da yanke gaɓa. Tsotsar wurin da ɗora baƙin dutse ba sa fitar da dafi, sai cin lokacin da ya kamata a ce ana kan hanya. Abin da likitoci ke cewa a yi kaɗan ne: a janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko munduwa ko duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa in da hali, a garzaya asibitin da ke da allurar kashe dafi. Kada a ba shi asfirin da danginsa, domin suna ƙara zubar jini.

Da wannan a hannu, sai ta yi waya biyu ko uku. Ta nemi likita ko ma'aikacin jinya da ke karɓar masu sara, ta tambaye shi ko zai yi magana da sunansa. Ta nemi wanda ya tsira, ta tambaye shi ko ya yarda a ba da labarinsa. Sai ta samu amincewarsu za ta ambace su a wasiƙa. Alkawarin hira da wanda ba a tuntuɓa ba bashi ne da ka iya gagarar biya.

Wasiƙar kanta

Ga irin wasiƙar da editoci suka gaji da gani:

"Barka da aiki. Ni ƙwararriyar marubuciya ce mai sha'awar harkar lafiya. Ina bibiyar ayyukanku masu kyau. Zan iya rubuta muku a kan kowane batu, kamar ciwon suga, hawan jini, saran maciji da sauransu. Ina jiran amsarku."

Babu rashin ladabi a cikinta, amma ta mayar wa edita da aikin tunani, kuma ana iya tura ta ga kafa ɗari ba tare da an sauya harafi ba. Ga kuma wadda marubuciyarmu za ta aika a watan Yuli. A gurbin kan magana za ta sa: "Tayin maƙala: abin da ɗauri da tsaga ke yi wa wanda kububuwa ta sara, don fitowar Satumba." A ciki kuwa:

"Assalamu alaikum Malam wane, barka da aiki.

Idan kububuwa ta sari manomi a gona, abu biyu na kusa da shi suka saba fara yi: su ɗaure ƙafar tamau, su tsaga wurin. Duka biyun Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka tsaga tana ƙara zubar jini, ɗauri kuma yana iya jawo yanke ƙafar.

Ina so in rubuta muku maƙala mai kalmomi 1,200 da za ta bi mutum ɗaya daga gona zuwa gadon asibiti, ta nuna abin da ya kamata a yi da wanda ya kamata a bari. Za ta kuma bayyana gwajin minti 20 da ake yi da jini a kwalbar gilashi don gane ko dafi ya shiga jiki, saboda 'yan uwa su fahimci dalilin da ya sa ake riƙe majinyaci ko da yana cewa ya ji sauƙi.

Wani likita da ke karɓar masu sara a kudancin Gombe ya amince ya yi magana da sunansa. Wani manomi da ya tsira ya yarda in ba da labarinsa, bisa sharaɗin kada a nuna fuskarsa. Zan kuma ji ta bakin mai maganin gargajiya. Bayanan magani zan ɗauko su daga ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma zan haɗo muku madogarar kowane adadi.

Girbi na tafe, kuma ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya. Na duba fitowarku na shekarar da ta wuce, ban ga kun taɓo taimakon gaggawa na sara ba. Zan iya miƙa aikin cikin mako uku.

Ni marubuciya ce mai zaman kanta a Gombe, ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, kuma ba ni da alaƙa da kowane kamfanin magani ko ƙungiya mai aiki a wannan fage. Ga ayyukana biyu da aka buga a ƙasa, da lambar wayata.

Na gode. Allah ya ƙara basira."

Me kowane sashe ke yi

Wasiƙar ba ta kai kalmomi 300 ba, kuma edita zai iya karanta ta a wayarsa yana tsaye. Sakin layin farko ya fara da labarin kai tsaye, kuma da irin muryar da maƙalar za ta zo da ita. Gabatar da kai ya koma ƙarshe, domin edita ba zai damu da wace ce ba sai ya ga abin da ta kawo.

Sakin layi na biyu ya ba maƙalar siffa da tsawo. Ambaton gwajin minti 20 shi ne ya nuna ta shiga cikin batun. Gwaji ne mai sauƙi: a ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya mai tsabta, a ajiye ba a taɓa ba har minti 20, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, to a wannan lokaci da sauƙi. In ya kwaranya kamar ruwa, dafi yana aiki, ana buƙatar allurar kashe dafi, kuma akan maimaita gwajin bayan sa'o'i shida don a ga ko allurar ta isa. Kwalbar roba ba ta yin wannan aiki, domin gilashin ne ke tayar da daskarewar. Wanda ya san irin wannan ƙaramin bayani ya yi karatu ko ya yi tambaya, kuma edita yana gane hakan nan take.

Sakin layi na uku shi ne amsar waccan tambaya mai nauyi ta amana. Ya nuna maganar magani daga bakin likita da rubutacciyar ƙa'ida za ta fito. Ya nuna an nemi iznin majinyaci har an san iyakar izninsa. Jin ta bakin mai maganin gargajiya kuma yana da dalili: shi ne mutane da yawa ke fara zuwa wurinsa, kuma maƙalar da ta yi kamar ba ya nan, ko ta zage shi, ba za ta shiga kunnen waɗanda aka rubuta dominsu ba. Za a ji dalilansa, amma ba za a ɗora maganarsa a sikeli ɗaya da sakamakon gwajin jini ba.

A lura kuma da abin da ta bari. Ba ta sa adadin mutum 138,000 a wasiƙar ba, domin na duniya ne gaba ɗaya, kuma sanya shi kusa da sunan Gombe zai sa a ɗauka na yankin ne. In tana son adadin gida, sai ta nemi asibitin ya ba ta na rajistarsa, ta faɗi na wace shekara ne, ta kuma tuna cewa rajistar asibiti ba ta ƙirga waɗanda ba su iso ba.

Sakin layi na huɗu ya amsa "me ya sa yanzu". Ta aika a Yuli saboda mujallar wata-wata tana tsara fitowarta makonni da dama kafin bugu. Wanda ya aika tayin ranar 17 ga Satumba ya makara, ko da kafar ta kullum ce, domin hira da tantancewa suna cin lokaci.

Na ƙarshe ya faɗi gaskiya game da ita. Cewa "ba ma'aikaciyar lafiya ba ce" ba ya rage mata daraja, yana dai gaya wa edita irin tantancewar da maƙalar za ta buƙata. Wanda ba a taɓa buga masa komai ba, kada ya ƙirƙiro tarihi kuma kada ya cika wasiƙa da ban haƙuri. Ya faɗi abin da ya ba shi damar yin wannan labari: yana jin harshen mutanen wurin, ko yana aiki a ɗakin shan magani na ƙauye, ko gidansu na kusa da asibitin.

Inda tayi ke lalacewa

Babbar cutar wannan fage ita ce talla da ke sanye da rigar maƙala. Editocin lafiya suna samun wasiƙu masu daɗin baki da ke tayin rubutu kyauta, da sharaɗi guda a can ƙasa: a bar sunan wani magani, ko adireshin wani kamfani, a cikin rubutun. Alamominsa sanannu ne. Yabon kafar ba ya ambaton ko maƙala ɗaya da ta buga. Batutuwan da aka jero ba su da alaƙa da juna. Marubucin ba ya maganar kuɗin aikinsa, domin wani ne ke biyansa. Saboda yawan irin waɗannan ne marubucin kirki yake buƙatar ya faɗi da bakinsa cewa ba shi da alaƙa da kowa. In kuwa yana da ita, misali wata ƙungiya ce ta biya masa kuɗin mota zuwa Kaltungo, ya faɗa tun a wasiƙar farko. Edita zai iya amincewa ya rubuta hakan a ƙasan maƙalar. Abin da ba zai yafe ba shi ne ya ji daga baya a bakin wani. Kundin ɗa'ar 'yan jaridar Nijeriya da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya hana karɓar toshiyar baki don buga labari ko danne shi, kuma zaman kai ba ya fitar da marubuci daga wannan ƙa'ida.

Ta biyu ita ce alkawarin da ya wuce hujja. Kalmomi irin su "waraka", "sahihin magani", "sirrin da likitoci ke ɓoyewa" suna sa editan kirki ja da baya. Haka nan dogaro da lambar hukumar NAFDAC a matsayin shaidar cewa maganin gargajiya yana warkarwa. Yawancin irin waɗannan magunguna rajistarsu ta tsaya ne a kan cewa an duba ba su da illa a gwargwadon gwajin da aka yi, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Marubucin da bai san wannan bambanci ba zai yaudari masu karatu ko da da kyakkyawar niyya.

Ta uku ita ce wasa da sirrin majinyaci. Wasu, don su nuna sun yi aiki, sai su liƙa hoton ƙafar da ta kumbura, da sunan mai ita da ƙauyensu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta mai da bayanin lafiyar mutum sirri, ba a fitar da shi sai da izninsa a rubuce ko da wani dalili da doka ta yarda da shi. Ma'aikacin asibiti da ke rubutu a gefe ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Izni na gaskiya kuwa shi ne wanda mutum ya bayar bayan an gaya masa inda za a buga, da cewa maƙwabtansa za su iya gani, da cewa ƙin yarda ba zai taɓa kulawar da ake ba shi ba. Mutumin da ke kwance jini na fita daga dasashinsa ba ya cikin halin ba da izni. A jira ya warke. In yaro ne, iyayensa ake tambaya.

Bayan an aika

Shiru shi ne amsar da aka fi samu, kuma ba kullum yake nufin a'a ba. Bayan mako ɗaya zuwa kwana goma, marubuciyar za ta aika tuni na layi biyu a ƙarƙashin wasiƙar farko, ta ce saboda lokacin girbi na matsowa, in ba ta ji komai ba zuwa ranar kaza za ta kai tayin wani wuri. Tuni ɗaya ya isa. Kiran edita da dare ko bin sa da saƙonni a wayarsa yana rufe ƙofar gobe. Kuma kada ta tura tayi guda ga editoci biyar a lokaci ɗaya a ɓoye, domin in biyu suka amince, dole ta saɓa wa ɗaya. In lokaci ya ƙure har sai ta yi haka, ta faɗa a wasiƙar.

In amsar a'a ce, ta yi godiya a taƙaice. In edita ya faɗi dalili, kyauta ce ya yi mata, kuma alama ce cewa zai buɗe wasiƙarta ta gaba. Mai son ganin yadda wasu suka yi nasu, The Open Notebook, wadda aka kafa a 2010 don marubuta kimiyya, ta tara wasiƙun tayi na gaske da editoci suka amince da su, kuma karanta su kyauta ne, sai dai da Turanci suke.

In kuwa amsar ita ce "to, rubuto", kafin ta hau motar Kaltungo akwai abubuwan da za a daidaita a rubuce, ko da a cikin imel ɗin ne: yawan kalmomi, ranar miƙawa, nawa za a biya da yaushe, wa zai ɗauki kuɗin mota da na hoto, da abin da za a ba ta in ta gama aiki aka fasa bugawa, wanda a wasu kafafen yake kamawa daga kwata zuwa rabin kuɗin. Sai haƙƙin mallaka: bugu ɗaya ta sayar musu, ko maƙalar ta zama tasu har abada? A dokar Nijeriya, miƙa haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, don haka ta karanta duk takardar da aka turo kafin ta sa hannu. Wasu kafafen ba sa biyan baƙin marubuta ko kwabo. Ba laifi mai farawa ya karɓi haka sau ɗaya ko biyu don ya samu abin nunawa, muddin ya sani tun farko kuma shi ya zaɓa. Tambayar kuɗi ba rashin kunya ba ce, kuma kunyar yin ta a farko ita ke haifar da rigima a ƙarshe.

Saura abu ɗaya, wanda shi ke raba wanda za a sake kira da wanda ba za a sake ba. Bincike yakan karya abin da aka yi tayi a kansa. Marubuciyar za ta iya isa ta tarar yawancin mutanen da ta zanta da su sun daina tsaga, abin da ke jinkirta su shi ne nisan hanya, da kuɗin babur, da tsoron tsadar allura. In haka ta faru, kada ta lanƙwasa hirarrakin su dace da wasiƙarta. Ta kira edita tun tana can, ta ce ga abin da ta yi alkawari, ga abin da ta tarar, su yanke shawara tare. Edita zai iya sauya take da tsari cikin minti biyar. Manomin da zai ji maƙalar a bakin ɗansa mai karatu kuwa, abin da ke ciki shi zai yi aiki da shi ranar da kububuwa ta sari wani a gonarsa, don haka dole abin da ke ciki ya zama shi ne abin da aka tarar a ƙasa.